Wace Hanya Za Ka Zaɓa Domin Raba Lacca Zuwa Babi-babi a YouTube?

A ɗauka an naɗi zaman tattaunawa na minti 74 a Birnin Kebbi kan noman shinkafa na rani, inda akwai mai gabatarwa, da malamin gona, da wani manomi daga Argungu, sannan aka rufe da tambayoyin mahalarta. Manomin da ya buɗe bidiyon a wayarsa yana son ya je kai tsaye wajen bayanin taki, kuma ba zai ƙona datarsa yana laluben wurin ba. Sharuɗɗan YouTube kaɗan ne: lokacin farko ya zama 00:00, babi-babin su kai uku a jere, kowanne kada ya gaza daƙiƙa 10. Wahalar tana wajen gano inda za a yanka, kuma a nan ne hanyoyin da ake da su suka bambanta.

Hanya mafi araha ita ce a saurari sautin a cikin manhajar sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, ana danna Ctrl+M duk lokacin da magana ta sauya domin a ajiye alama. Ba ta buƙatar intanet ko babbar kwamfuta, sai dai tana cin lokacin da ya wuce tsawon zaman kansa, kuma ba ta bar maka rubutun da za ka bincika kalma a cikinsa. Ga mai ɗora bidiyo ɗaya a wata, ina ganin ta wadatar.

Mai ɗora lacca kowane mako shi ne ya kamata ya duba manhajar Whisper mai mayar da magana rubutu, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, kuma Hausa tana cikin harsunanta. Umarnin gajere ne:

```
whisper zama.wav --model large-v3 --language ha
```

Za ta ba ka fayil na SRT, inda kowane layi yake ɗauke da lokacinsa. Amma babban samfurin nan na large-v3 yana buƙatar katin hoto mai ƙwaƙwalwar kimanin gigabait 10, kuma a ƙaramar kwamfutar ofis aikin yana iya ɗaukar sa'o'i, abin da mai dogaro da janareta dole ya lissafa. Hausarta ma ba ta kai Turancinta ba, musamman idan mai magana ya saki Kabanci ko ya haɗa da Larabci, kuma alamar ta rikice ita ce ka ga jimla ɗaya tana maimaituwa layi bayan layi a wurin da aka yi shiru ko hayaniya. Wannan bai hana ta amfani ba, domin abin da kake nema shi ne wurin da kalmar taki ko iri ta fara yawaita, rubutun da ya karkace ma yana nuna hakan.

Whisper ba ta tantance masu magana, sai an haɗa ta da pyannote.audio, wadda take sa wa muryoyi laƙabi irin SPEAKER_00 da SPEAKER_01. Idan an san adadin mutanen, a faɗa mata da num_speakers=3, in ba haka ba tana iya raba mutum ɗaya gida biyu saboda kawai ya matsa nesa da makirufo. A lokacin tambayoyi kuwa, inda kowa yake magana daga bayan zaure, gara a yanke wannan sashen a yi shi da kunne.

Kamfanonin da ake biya wata-wata da dala suna yin duka aikin a shafi ɗaya, amma kafin ka biya ka duba jerin harsunansu da idonka, domin da yawansu ba su da Hausa. Idan akwai gwajin kyauta, kada ka ba su minti biyar na farko, inda murya take a natse. Ka ba su minti biyar daga tsakiyar tambayoyi, ka ƙirga sau nawa aka jingina maganar wani ga wani.

Kowace hanya ka bi, sauyin murya ba ya nufin sauyin batu. A zaman namu mai gabatarwa zai iya tsoma baki sau talatin da "to, madalla", kuma babi talatin ba mai karanta su. Malamin gona kuwa zai yi fiye da minti talatin shi kaɗai yana ratsa batutuwa biyu, wato nan sai an yanka a tsakiyar maganarsa. Ga yadda jerin babi-babin zai iya kasancewa:

```
00:00 Addu'a da gaisuwa
04:10 Zaɓen iri: me ya sa FARO 44
19:35 Lokacin zuba taki da yawansa
38:20 Manomin Argungu: kuɗin man injin ban ruwa
55:05 Tambaya: ganye ya yi rawaya
1:04:40 Tambaya: yaushe ake girbi
```

A lura cewa an ware gaisuwa a babinta domin mai gaggawa ya tsallake ta, kuma kowace muhimmiyar tambaya ta samu sunanta maimakon a ce "Tambayoyi" kawai. A sa lokacin ya riga farkon maganar da daƙiƙa biyu ko uku, domin lokutan rubutun na'ura sukan ɗan goce, sannan a danna kowane babi a waya a ji ko ya sauka a farkon jimla kafin a raba wa jama'a bidiyon.