Katin dafa-dukar da aka sake rubuta mini don mutum 12

Tun ina amarya nake da wani katin girki na dafa-dukar shinkafa, na mutum 4. Yanzu da muka dawo babban gida a Ƙofar Marusa, da Hajiya da ƙannen maigida da yara, mu 12 ne. Sau biyu ina ninka komai sau uku, sau biyun shinkafar tana caɓewa. Shi ne na kai wa wata malama mai koyar da girki a nan Katsina, na biya ta ta sake rubuta shi.

Shinkafa, mai, albasa da nama duk ta ninka su sau uku, kofi 3 na shinkafa ya koma 9. Amma ruwa, maimakon kofi 6 ya zama 18, sai ta rubuta 15. Na ce, "Malama, anya ba kuskure ba ne?" Ta ce abin da shinkafa ke sha ne yake ninkuwa, amma wanda ke tafiya a tururi faɗin bakin tukunya yake bi, kuma bakin tukunyata bai ninku sau uku ba. Wannan kofi ukun da ta rage su ne suke caɓa mini girki, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa kuɗina.

Attaruhu ma daga 3 ta mai da shi 6, gishiri kuma ta ce in zuba kashi biyu cikin uku, in ɗanɗana romon kafin shinkafa ta shiga, sannan in cika. Lokacin da ya ƙaru sosai na suyar jajjage ne: minti 10 ya koma kusan 25. Sai kin ga mai ya taso sama, tumatir ya daina tsami. Dahuwar shinkafar kanta minti 10 kawai ta ƙara.

Inda katin ya gaza, bai faɗi irin tukunya ba. Ranar farko na ɗora mai zurfi, mai ƙaramin gindi. Ƙasa ya kama har ƙauri ya kai zaure, na saman kuwa in kin murza ƙwaya tsakanin yatsu akwai farar tsakiya mai tauri. Raina ya ɓaci, don ranar Hajiya na da baƙi. Washegari na aro mai faɗi wadda shinkafar ba ta wuce rabinta ba, na rage wuta da ruwa ya fara tsotsewa, na juya sau ɗaya na rufe ruf. Ta fito warara, ƙanzon ma ɗan kaɗan, yara suka yi ta rububinsa.

Na kuma so a ce ta sa awon gwangwanin madara kusa da na kofi, tunda da shi muke awo a gidan nan. Na auna da kaina, na rubuta da biro a bayan katin, na manna shi a ƙofar kabad.