Kebul ko hospot: wanne ya dace da kwamfutar tebur?

A shagon buga takardu a Maradi, inda waya ce ke ba kwamfutar tebur intanet, ni kebul nake zaɓa. Hospot ta wayfay yake raba intanet ɗin waya, kuma kwamfutocin tebur da yawa ba su zuwa da wayfay, sai an sayi 'yar na'urar da ake soka musu. Da kebul kuwa, ka haɗa, ka kunna "Partage de connexion par USB" a saitin waya, shi ke nan, wayar tana shan caji tana aiki. Sai dai wani kebul na caji ne kawai: in maɓallin ya dushe ya ƙi taɓuwa, sauya kebul.

Hospot yana ɗaukar na'urori da yawa, amma yana cin batir, waya ta yi zafi, balle a watan Afrilu.