Wane irin gyara ne ke maganin «Gestern ich habe» a rubutun mai koyon Jamusanci?

Wanda zai biya malami ya duba masa rubutun Jamusanci, ko malamin da ke neman yadda zai riƙa gyara wa ɗalibansa, ya kamata ya san cewa gyara iri-iri ne, kuma ba kowanne ke hana kuskure dawowa ba. Abin da ya fi nuna bambancinsu shi ne tsarin kalmomi bayan kalmar lokaci. Ga sakin layi irin wanda ɗalibin matakin farko, wato A1 ko A2, yake rubutawa:

«Am Montag ich stehe um sechs Uhr auf. Dann ich trinke Tee. Am Nachmittag, ich lerne Deutsch. Gestern ich habe meine Schwester besucht. Wenn ich Zeit habe, ich spiele Fußball. Ich arbeite viel, aber am Sonntag schlafe ich lange.»

Jimla shida ce, biyar suna da kuskure, kuma kuskuren ɗaya ne. A jimlar bayani ta Jamusanci, aikatau ɗin da ke sauyawa bisa mai aikin yana zama a gurbi na biyu ne, ba ya gusawa. Idan kalmar lokaci ta riga ta cike gurbin farko, dole mai aikin ya koma bayan aikatau: «Am Montag stehe ich um sechs Uhr auf.» A Hausa kuwa, ko ka ce «na tashi da wuri jiya» ko «jiya na tashi da wuri», «na tashi» tana nan yadda take. Wannan sabon ne ɗalibi ke kwasowa, kuma in ya iya Turanci ma, shi ma can haka tsarin yake, sai sabon ya ƙara ƙarfi.

Gyaran da aka fi samu shi ne malami ya sake rubuta jimlar daidai a saman ta ɗalibi. Yana da sauri, kuma yana da amfani ga wanda zai aika da wasiƙa gobe, yana son ta fita tsaf. Amma ɗalibi karantawa kawai yake yi ya gyaɗa kai. Bai motsa ko kalma ɗaya da hannunsa ba, don haka mako mai zuwa «Dann ich» za ta sake bayyana.

Akwai wani da ya fi wannan illa, domin a ido kamar ya yi kyau. Malami ya ɗauke kalmar lokacin ya mayar da ita tsakiyar jimla: «Ich stehe am Montag um sechs Uhr auf.» Jimlar daidai ce, babu mai musu. Sai dai an kauce wa matsalar ne. Ɗalibin da aka saba yi wa haka yakan koma fara kowace jimla da «Ich», rubutunsa ya fita ba kuskure amma a sandare, kuma ranar da ya kuskura ya fara da «Danach» sai ya sake faɗawa. Idan ka ga gyaran da aka dawo maka da shi ya cika da «Ich» a farkon layi, kada ka ci gaba da biyan kuɗi a kansa.

Hanya ta uku ita ce alama kawai: a ja layi ƙarƙashin aikatau, a rubuta 2 a gefe, ɗalibi ya gyara da kansa. Tana aiki sosai ga wanda ya riga ya san ƙa'idar, mantuwa ce kawai ke damunsa. Ga wanda bai gane ba kuwa, tana haifar da sabon kuskure. A jimla ta huɗu aikatau biyu ne, «habe» da «besucht». Ɗalibin da aka ce wa «aikatau a gurbi na biyu» ba tare da ƙarin bayani ba yakan jawo su duka gaba, ya rubuta «Gestern habe besucht ich meine Schwester». Daidai shi ne «Gestern habe ich meine Schwester besucht»: «habe» kaɗai ke zuwa gurbi na biyu, «besucht» ta zauna a ƙarshe, kamar yadda «auf» ta zauna a ƙarshen jimlar farko.

Wadda ta fi cin lokaci, kuma ta fi cancantar kuɗinka, ita ce ta zana gurabu. A raba takarda gida huɗu: gurbin farko, aikatau mai sauyawa, tsakiya, sai sauran aikatau a ƙarshe. Malami ya zuba jimla ɗaya a ciki, ɗalibi ya zuba sauran. Nan take yake ganin abin da baki ba ya iya bayyanawa da kyau, wato cewa gurbi ba kalma ɗaya ba ne. «Dann» kalma ɗaya ce, «Am Nachmittag» biyu, «Jeden Morgen um sechs Uhr» biyar, amma kowanne gida ɗaya yake ci. Nan ne kuma jimla ta biyar ke warwarewa, domin «Wenn ich Zeit habe» gaba ɗayanta gurbin farko take cikewa, sai aikatau ya biyo bayan waƙafi kai tsaye: «Wenn ich Zeit habe, spiele ich Fußball.» Waƙafin nan wajibi ne. Na jimla ta uku kuwa kuskure ne, a cire shi: «Am Nachmittag lerne ich Deutsch.» Ɗalibai da yawa suna sa shi ne don su ji kamar sun fara sabuwar jimla bayansa, shi ya sa barin waƙafin yake ba kuskuren mafaka.

Jimla ta shida tarko ce ga mai gyara. Daidai take, kada a taɓa ta. Mahaɗan nan, und, aber, oder, denn da sondern, ba sa cin gurbi, don haka ƙirga yana farawa ne daga «am Sonntag». Su kuma dann, danach da deshalb suna ci. Malami nagari zai zagaye wannan jimla ya nuna wa ɗalibi cewa ga wurin da ya yi daidai da kansa, ya auna sauran biyar ɗin da ita. Idan ba a bambance masa rukunin biyu ba, zai wuce gona da iri ya fara rubuta «aber schlafe ich lange».

Wace ce ta dace da wa? A nan binciken ZISA, wanda masana harshe Meisel da Clahsen da Pienemann suka yi a kan ma'aikata baƙi masu koyon Jamusanci a Jamus, yana da amfani. Sun lura cewa masu koyo kan fara kawo kalmar lokaci gaba ba tare da juya mai aikin zuwa bayan aikatau ba, daga baya su iya raba aikatau gida biyu, sannan ne juyawar ke zuwa. To, dubi sakin layin. Wannan ɗalibi ya kai «auf» da «besucht» ƙarshe daidai, ya ma juya sau ɗaya, ke nan yana bakin ƙofa. Zanen gurabu sau ɗaya ko biyu ya ishe shi, daga nan a koma alama. Wanda har yanzu yake rubuta «Ich habe besucht meine Schwester» kuwa, a fara da raba aikatau, domin jan biro a kan juyawa ba zai zauna masa ba tukuna.

Kafin ka amince da mai gyara, ba shi wannan sakin layin ko irinsa. Duba ko ya tara kurakuran biyar ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya, ko ya bar kalmomin lokacin a farkon jimla, ko ya ƙyale ta shida. Sannan ka tambaye shi yadda yake tabbatar da cewa gyaran ya kama. Amsar da ake so ita ce sabon rubutu bayan 'yan kwanaki, a kan wani batu dabam, inda aka wajabta wa ɗalibi fara jimloli da «Zuerst», «Danach», «Am Abend» da «Letzte Woche», ba tare da tsohuwar takardar a gabansa ba. Kwafe jimlolin da aka gyara ba gwaji ba ne, domin ɗalibi zai iya kwafe su daidai alhali a sabon rubutu «ich» tana nan gaban aikatau.