Saƙon barka da Sallah zuwa ƙaramar waya: ƙugiya, ɗan waƙafi ko a rubuta haka nan?

In za ka tura wa dattawa gaisuwar Sallah ta SMS, tsaya tukuna kafin ka sayi kati, domin yadda ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ shi zai faɗi nawa za ka kashe da kuma abin da Baba zai gani a 'yar Nokiyarsa.

Saƙo na yau da kullum, wato tsarin GSM, shafi ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma fa babu haruffanmu masu ƙugiya a ciki. Da ka sa ko ƙ guda ɗaya sai wayar ta juya saƙon gaba ɗaya zuwa Unicode, shafi ya dawo harafi 70, in ya zarce kuma kowane shafi 67 ne. Duba wannan:

"Barka da Sallah Baba. Allah ya karɓi ibadunmu, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya maimaita mana. A gaida Inna da yara."

Harafi 117 ne har da tazara. Da ƙugiya shafi biyu kenan, ba ƙugiya shafi ɗaya, to in mutum 60 za ka turawa ka biya kuɗin 120 saboda haruffa biyu kacal. Kuma abin haushin, bayan ka biya ninki tsohuwar wayar ba lallai tana da hoton harafin ba, sai Baba ya ga ɗan akwati ko alamar tambaya a tsakiyar "karɓi", ya kira jika wai zo ka duba wayar nan ta lalace.

Rubutawa haka nan, karbi, kara, shi ne mafi araha kuma yawanci ana ganewa, ai duk Bahaushe ya san ba karan dawa kake roƙa masa ba. Sai dai ka kula da irin baki da baƙi, kafa da ƙafa.

Ni dai ɗan waƙafin sama nake zaɓa: kar'bi, 'kara, kamar yadda muke rubuta 'ya'ya a Najeriya. Saƙon can ya zama 119, shafi ɗaya, kowace waya ta nuna shi. Tarkon guda ne, dole ya zama miƙaƙƙe ('), don lanƙwasasshen (’) da wasu kibod ke sawa da kansu shi ma Unicode ne, haka ɗan jinjirin watan nan na imoji da ake liƙawa a ƙarshe. 'Yan Nijar masu ƴ, ku ma 'y zai fishe ku.

Yadda za ka gane kuwa, kalli ƙidayar haruffa kusa da maɓallin turawa, in tana lissafi da 70 ko 67 to wani harafi ya shigo. Ka fara tura wa ƙaramar waya guda ta cikin gida tun jajibere, ka karanta da idonka, sannan ka saki sauran.