Sharhi kan ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D: gaban kwalba da bayanta

Ƙwayoyin da nake sharhi a kansu na kalsiyam ne haɗe da bitamin D, ƙirar Amurka, guda 120 a kwalba, kuma a kemis na saya bisa shawarar likita. A gaban kwalbar an rubuta miligiram 1,200 da manyan lambobi, amma akwatin bayani da ke bayanta ya nuna cewa ƙwaya biyu ake lissafawa a matsayin sha ɗaya. Ke nan miligiram 600 ne a kowace ƙwaya, kuma kwalbar ta wata biyu ce, ba ta wata huɗu ba. Wannan shi ne ƙorafina na farko, domin duk lambobin da ke cikin akwatin a kan ƙwaya biyun aka gina su, kuma wanda bai duba layin farko ba zai yi kuskuren lissafin farashi da na adadin da yake sha.

A gefen dama akwai alamar %DV, wadda ke nuna kason da sha ɗaya ke bayarwa daga ma'aunin yini da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsayar. Ma'aunin kalsiyam miligiram 1,300 ne, saboda haka 1,200 ya zama kashi 92 cikin ɗari, wanda ya sha ƙwaya ɗaya kuwa kashi 46 ya samu. Na bitamin D maikirogiram 20 ne, ƙwaya biyun suna da 25, shi ya sa aka rubuta kashi 125. Ma'aunin na gama-gari ne, ba a yi shi don jikin mutum ɗaya ba, kuma bai cire abin da ake samu daga madara, nono ko kifi ba. Tun da nau'in kalsiyam ɗin kabonet ne, da abinci nake sha, ɗaya da safe ɗaya da dare, domin jiki ya fi karɓarsa kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin manya ne, haɗiyarsu sai da ruwa sosai, kuma sun ɗan kumbura mini ciki da farko.

Inda na fi daɗewa shi ne jerin sauran sinadarai da ke ƙarƙashin akwatin da ƙananan baƙaƙe, waɗanda ake jerawa daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Man waken soya ne a farko, sai jelatin, wato abin da aka yi ɓawon ƙwayar da shi. Ana samun jelatin daga fata da ƙashin dabbobi, galibi saniya ko alade, kuma kwalbar ba ta faɗi ko wanne ba ne, ba ta kuma ɗauke da tambarin halal. Lissafin akwatin daidai yake, ban same shi da aibi ba, amma saboda wannan shirun na koma busassun ƙwayoyi waɗanda babu jelatin a jerinsu.