Sayar da takardar bashi: mai komawa kanka ko marar komawa?

Tambaya: "Na kai wa wani kamfani waken suya na naira miliyan 5 daga kasuwar Mai'aduwa, sai bayan kwana 60 za su biya. Masu sayen takardar bashi sun ba ni zaɓi biyu, mai komawa kaina da marar komawa. Wanne ya fi?"

Alhaji, farkon su ɗaya ne. Za ka miƙa takardar neman biya da shaidar karɓar kaya mai sa hannun ma'ajin kamfanin, ka sa hannu kan mayar da haƙƙin karɓar kuɗin ga mai saye, sannan a rubuta wa kamfanin cewa daga yau asusun mai saye za su biya. A ce an ba ka kashi 80, miliyan 4 ke nan a hannu, miliyan 1 kuma an riƙe.

A mai komawa, ɗauki lada kashi 3 na miliyan 5 ɗin a wata a matsayin misali. Wata biyu ya kama 300,000, idan kamfanin ya biya a miƙo maka 700,000. Idan bai biya ba har wa'adin da aka rubuta ya cika, kai za ka mayar da miliyan 4 da ladan. Rance ne a zahiri, takardar jingina ce kawai.

A marar komawa ladan ya fi tsada, a ce kashi 5, wato 500,000, saura 500,000. Wannan ƙarin 200,000 shi ne kuɗin ɗauke maka asara, amma duba irin asarar da kyau. Galibi karyewar kamfanin kaɗai suke ɗauka. Idan kamfanin ya ce waken da danshi, ko buhu goma ba su cika awo ba, ya ƙi biya, wannan gardama ce kan kaya, kuma kanka take dawowa ko da an rubuta "marar komawa". Haka ma idan kamfanin na bin ka wani tsohon bashi ya zare daga ciki. Saboda haka sai an auna an gwada danshin, an sa hannu, kafin ka sayar da takardar.

Duba kwangilarku kuma, wasu kamfanoni na hana mayar da bashinsu ga wani sai da izininsu. Idan akawunsu ya manta ya turo kuɗin asusunka, ba naka ba ne, tura wa mai saye nan take. In ka taɓa jinginar da basussukanka a banki, faɗi tun farko, domin tun dokar 2017 ana shigar da irin wannan a rajistar jingina ta Babban Bankin Najeriya, za su gani.

Kamfanin da ya saba biyanka, ko da yana jinkiri, mai komawa ya ishe ka, ka dai nemi wa'adin ya kai kwana 90. Sabon kamfani da ya riƙe rabin jarinka, biya 200,000 ɗin. Kafin komai ka tuntuɓi malami, domin mafi yawan malamai suna ganin sayar da bashin kuɗi da ragi riba ne.