Shekara guda da injin fotokopin da na sa aka saya

Ni ke riƙe da kuɗin wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram, kuma ni na rubuta takardar da ta sa Alhaji mai makarantar ya yarda aka sayi injin fotokopi. Yanzu an ci shekara, lokacin duba gaskiyar abin da na rubuta ya yi.

Da can a shagon bakin titi muke yi, dala biyar kowane shafi. Da na tattara rasidai sai na ga muna buga wajen shafi 60,000 a shekara, wato miliyan ɗaya da rabi na sefa. Da wannan na buɗe takardar, don Alhaji ba ya karanta sakin layi na biyu idan na farko bai taɓa aljihunsa ba.

Takardun farashi uku na karɓo. Ta farko ƙaramin inji ne na A4, jaka 350. Ta biyu babba ne sabo mai ɗaukar A3, an rubuta miliyan ɗaya, amma can ƙasa akwai HT, wato ba a sa haraji ba. Da aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ya koma miliyan ɗaya da jaka 190. Ta uku tsohon hannu ne, jaka 600, ba garanti, mai gyaransa kuma sai an kira shi daga Kano. Na sa aka buga mini lissafin cikinsa, na ga ya riga ya ci shafi sama da dubu 400, na ajiye shi gefe.

Alhaji na ganin jaka 350 ya ce, "Malam, ga mai sauƙi, me kake nema kuma?" Na ce, "Ranka ya daɗe, jakin da arha, dusarsa ce da tsada." Tawadar ƙaramin jaka 45 ce, tana yin shafi 3,000, kowane shafi sefa 15 ke nan. Ta babban jaka 40, an ce shafi 10,000, sefa 4. Na ƙara masa kuɗin canza tambur, wato gangar da ke ɗora tawada a kan takarda, jaka 90 duk shafi 60,000, ya kama sefa biyar da rabi. Takarda ban sa ta ba tunda ko wanne aka saya ita ce dai. A shekara uku ƙaramin zai ci miliyan 3 da jaka 50, babban miliyan 2 da jaka 180, har da kuɗin saye. Ya daɗe yana kallon layin nan biyu, sannan ya sa hannu a sayi babban.

Injin kansa ba ni da ƙorafi mai yawa a kansa. Yana buga gaba da baya da kansa, abin da ya rage mana takarda sosai lokacin jarrabawa, rubutu kuma fes. Lissafina ne ya yi gardama.

Shafi 10,000 ɗin da ke jikin kwali, ana auna shi ne da shafin da tawada ta rufe kashi 5 cikin ɗari kawai, kamar gajeriyar wasiƙa. Mu kuwa taswira muke bugawa da zanen kimiyya, ga malaman da ke kifa littafi su bar murfi a buɗe, gefen takarda ya fito baƙi ƙirin. Tawadar farko ta ƙare a wajen shafi 7,000, sauran ma haka. Kuɗin shafi ya tashi zuwa bakwai da ɗoriya. Har yanzu bai kai rabin na ƙaramin ba, shi ma kuma da namu aikin ba zai cika 3,000 ɗinsa ba, amma na ji kunya da Alhaji ya tambayi dalilin sayen tawada tun kafin lokacin da na rubuta.

Sai hunturu ya shigo. Ƙura ta kwanta a kan robar da ke jan takarda, injin ya riƙa kukan banza bai ɗauki komai ba, ko ya ja biyu a haɗe su maƙale. Mai gyara ya zo ya goge robar da tsumma mai ɗan laima, minti biyar, ya karɓi kuɗin zuwa. Yanzu ni ke yi duk Asabar, kuma tela ya ɗinka masa riga. Na'urar daidaita wuta ma ban sa ta a takardar ba, sai da muka ƙara jaka 85 bayan mun ga fitilun ofis suna lumshewa duk lokacin da injin ke ɗumama.

Abin da ban hango ba sam shi ne mutane. Da ana biyan dala biyar, kowa na tunani kafin ya aika yaro shago. Da inji ya zo gida, shafi 60,000 ya zama 78,000, har da katin ɗaurin aure na tsinta a ciki. A wata na biyar na ba kowane malami lambar sirrinsa, injin yana ƙirga wa kowa nasa, nake liƙa takardar a allon ofis ƙarshen wata. Wanda ya zo na ɗaya a watan farko bai gaishe ni ba har kwana uku.